Saƙo ɗaya na raba aiki: yadda nake tsara 'yan sa-kai a walimar unguwa

Ni sana'ata hayar kujeru da kanofi ce, ɗan shagona yana nan Tudun Wada a Kaduna, ni da yarana uku. In biki ne ko suna ba matsala, mai abu ya biya mu kai mu kafa mu kwashe. Inda aikin yake da wuya shi ne taron al'umma, irin walimar saukar Alƙur'ani ta Islamiyyar unguwa, saboda kuɗin da aka tara bai kai a ɗauki ma'aikata ba, sai dai mutanen unguwa su sa hannu don Allah, toh shi kuma wanda ya zo taimako ba ka da ikon ɗaga masa murya, dole tun farko ya san abin da ya hau kansa.

Walimar farko da na kai wa kaya na sha wahala sosai. Sakataren kwamiti ya rubuta a guruf ɗin WhatsApp cewa "matasa a daure a fito da wuri a taimaka, Allah ya ba da lada", mutum sun fi ashirin suka sa amin, amma da motata ta iso ƙarfe bakwai mutum biyu kawai na tarar, kowa ya ɗauka wani zai zo. Ba wai sun ƙi ba ne, wallahi yaran kirki ne, kalmar "matasa" ce ba ta kira sunan kowa ba. Da aka tashi kuma ba wanda aka ɗora wa kwashe kaya, kujeruna suka kwana a waje, da safe na ƙirga babu bakwai. Tun daga nan in dai kayana za su je taron jama'a sai na roƙi kwamiti su bar ni na rubuta saƙon rabon aikin da kaina.

Ta bana ranar Lahadi aka yi, daga ƙarfe goma zuwa ɗaya, kujera dozin 25 wato 300 kenan, kanofi huɗu, 'yan sa-kai 14. Kafin na rubuta komai sai da na kira kowa a waya ya ce ya amince, don bai dace mutum ya fara ganin sunansa a gaban jama'a ba tare da an tambaye shi ba, kunya za ta sa ya yi shiru ranar kuma ya ƙi zuwa. Daga nan na lissafa lokaci ta baya-baya. In baƙi za su fara zama goma saura kwata, dole kujeru su gama jeruwa ƙarfe tara, kujera kuma ba ta jeruwa sai kanofi ya tsaya, kanofi ɗaya yana cin mana kamar minti ashirin in mutum huɗu suka kama ƙafafun, huɗu kenan sun kusa awa ɗaya da rabi, shi ya sa masu kanofi na sa musu 6:30 masu kujera kuma 8:00. Ba amfanin ka tara kowa tun asuba rabinsu na tsaye suna kallo, gobe ba za su sake zuwa ba.

Saman saƙon layi biyu ne kawai, ranar da wurin da lokacin farawa, sai kowane aiki da layinsa. Ga kaɗan daga ciki, na cire sunayen na bar laƙabi:

6:30 na safe, kafa kanofi, filin makaranta: Ladan ne shugaba, da mutum uku (sunayensu a rubuce)
8:00, ɗauko fiyawata jaka 30 daga shagon bakin titi: Mai Napep, kuɗin yana wajen Ma'aji
8:30, janareto da lasifika, a gwada kafin 9:00: Malamin aji uku, fetur yana ofis
12:15, rabon abinci ɓangaren mata: Amira ce shugaba, da mata uku
2:00 na rana, tara kujeru goma-goma a ƙirga: Sakatare, da mutum huɗu

Abin da na fi matsawa a kai shi ne kowane layi shugabansa ɗaya. In ka rubuta mutum biyu a matsayi ɗaya, wannan zai ce ai wancan yana can, wancan ma haka. Sannan layin ya faɗi inda kayan aikin yake, don na taɓa ganin mutum ya zo kan lokaci ya zauna awa guda yana jiran makullin ɗakin janareto da ke aljihun wanda ya tafi Kawo.

Lokaci kuma da lamba nake rubutawa, ban yarda da "bayan azahar" ba. A unguwa ɗaya wani masallacin ƙarfe ɗaya yake salla wani sai biyu, kowa kuma da nasa masallacin zai auna, sai ka ga masu kwashe kaya sun zo a rarrabe, na farko ya gaji da jira ya tafi kafin na ƙarshe ya iso. Kuma masu kwashewar daban na zaɓa, ban sa waɗanda suka fito 6:30 ba, mutumin da ya yini a rana tun safe ƙarfe biyu ba sauran ƙarfi a jikinsa.

Ranar Alhamis da dare na tura, na roƙi adimin ya yi masa Pin na kwana bakwai don kar gaisuwar Juma'a ta binne shi. Saƙo in ya yi tsawo WhatsApp yana yanke shi ya sa Read more, da yawa kuma ba sa dannawa, shi ya sa doguwar gaisuwa da godiya na bar su sai ƙarshe. A ƙasa na rubuta kowa ya amsa da aikinsa da lokacinsa, misali "ruwa, 8:00, na karɓa", kafin sallar isha ta Juma'a. Ɗaga yatsa ko amin ba amsa ba ce a wurina. Zuwa daren mutum 11 sun amsa, na duba Info na ga biyu sun karanta sun yi shiru, ɗaya ko isa wayarsa bai yi ba. Shi wannan data ce ba shi da ita, na kira shi ya ce yana nan. Su biyun da suka yi shiru su na fi damuwa da su, da na kira ɗaya sai ya ce "Yallaɓai ka yi haƙuri, tafiya Zariya ta taso mini, nauyin faɗa nake ji." Na ce ba komai ƙanina, gara da na ji yanzu. Akwai kuma iyayenmu mata biyu da boko bai zauna musu ba, su saƙon murya na yi na karanto musu layinsu kawai.

Canjin nan shi ne wurin da mutane ke ɓata abu. WhatsApp minti 15 kawai yake ba ka ka gyara saƙo, bayan nan sai a fara "gyara: wane ya koma ruwa", "a'a wane ne", kafin ka ankara akwai magana huɗu a guruf ba wanda ya san ta gaskiya. Ni sake turo saƙon gaba ɗaya na yi ranar Asabar da safe, na rubuta a samansa "Na biyu, a bar na Alhamis", na faɗi layin da ya canza, adimin ya cire tsohon ya maƙala sabon.

Duk da haka ba komai ya tafi daidai ba. Na manta ban sa kowa a bakin ƙofa ya nuna wa masu mashin inda za su ajiye ba, suka tare hanyar da Napep ɗin abinci zai shigo, sai da hannu aka ɗauko kulolin daga bakin layi, rabon ya makara da kusan minti ashirin. Na riga na ƙara layin a kwafin da nake ajiyewa a waya. Kujeru dai ƙarfe uku saura muka gama lodi, Sakatare ya ƙirga tari 30 a gabana, na sake ƙirgawa da kaina kafin direba ya tayar da mota.