Abin da na gani a aikin gyaran fatar ido a karkarar Jigawa

Ni ma'aikacin jinya ne a ɓangaren ido, kuma mafi yawan shekarun aikina na yi su ne a ƙauyukan Jihar Jigawa ina yi wa masu amosanin ido tiyata, wato cutar da likitoci ke kira tirakoma. Mutane da yawa suna ɗaukarta ciwon tsofaffi, domin a tsofaffi ake ganin makantar da take jawowa, amma tun a yarinta take farawa. Wata ƙwayar cuta ce mai suna kilamidiya take kama cikin fatar ido ta sama, tana bin kwantsa da majina daga wannan yaro zuwa wancan ta hannu, ta bakin zani ko mayafin da ake goge fuska, ko ta ƙafar ƙuda. Kamu ɗaya ba ya makantar da kowa, yakan ma warke da kansa. Ɓarnar tana zuwa ne idan yaro ya yi ta kamuwa yana warkewa shekara da shekaru, domin kowane kamu yana barin ɗan tabo a cikin fatar. Idan tabon ya taru sai ya tsuke, ya janyo bakin fatar zuwa ciki, gashin ido ya juya yana gogar baƙin ido a duk ƙiftawa, har ya yi masa hakiya. A wannan matakin ne akasari ake kawo mana mutum, kuma mata sun fi yawa a cikinsu, saboda su ne ke ɗauke da yara suna goge musu fuska tun suna 'yan mata har su zama kakanni.

Akwai wata dattijuwa da nake yawan tunawa idan ina koya wa sababbin ma'aikata, domin kusan duk abin da ya kamata a lura da shi ya haɗu a kanta. Mai zagayen gida-gida ce ta gano ta, ta rako ta asibitin ƙauyen tana rufe da fuska da mayafi saboda hasken rana yana sa ta hawaye. A wuyanta akwai matsefata rataye da zare, wadda jikarta ke cire mata gashin da ita. Na haska idon da tocila daga gefe, na ce, "Iya, ki dubi gabanki, kada ki runtse." A idon dama gashi da yawa suna kwance a kan baƙin ido, kuma hakiya ta riga ta rufe tsakiyarsa. A na hagu ban ga dogon gashi yana taɓawa ba, sai guntaye masu tsini a tsakiyar fatar, alamar an cire sun karye suna sake tsirowa. Wanda bai san aikin ba zai ce idon hagu lafiyarsa ƙalau, alhali guntun gashi ya fi dogo illa, domin ya fi kaifi. Shi ya sa ba na sallamar kowa sai na tambaya ko ana cire masa gashi, sannan na juya fatar na duba fararen layukan tabo a cikinta.

Kafin a taɓa ta sai da na faɗa mata gaskiyar abin da aikin zai iya yi da wanda ba zai iya ba, kuma a ganina wannan maganar ta fi kowace muhimmanci a ranar. Tiyatar tana mayar da bakin fatar waje ne, ta hana gashi gogar ido, ta kawar da zafi da hawaye, ta tsare ganin da ya rage. Ba ta goge hakiyar da ta riga ta zauna. Na ce mata idon dama zai daina ciwo amma kada ta sa ran zai koma gani kamar da, na hagu kuwa shi muke so mu ceto. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, in dai zan yi barci ba tare da wannan sukar ba, ai na gode Allah." Idan ba a yi wannan bayanin ba, mutum yakan koma gida ya ce an yanka shi bai gani ba, kuma maganarsa ita kaɗai takan hana unguwa guda fitowa.

Aikin kansa ba ya ɗaukar lokaci, kamar minti 20 ne a kowace fata, kuma ba a sa mutum barci. Ana ɗiga maganin kashe zafi a ido, a wanke fuska, a yi allurar lidoken a fatar sama. Hanyar da na fi yi ita ce a juya fatar a kan wani ɗan faranti na ƙarfe, a tsaga ɓangare mai tauri kamar gurunguntsi da ke cikinta ta ciki, kimanin milimita 3 daga bakin fatar, daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan a sa ɗinki yadda idan aka ɗaure, bakin mai ɗauke da gashin zai juyo waje. Inda aka fi samun matsala shi ne kusurwoyi. Idan tsagar ba ta kai ƙarshe ba, tsakiya za ta juyo da kyau amma gefe zai ci gaba da gogar ido. Idan kuma ɗinki ɗaya ya fi sauran tsauri, fatar takan warke da lanƙwasa ko ɗan gibi, wanda ke ɓata fuska har ya hana ido rufuwa sosai. Don haka kafin in yanke zare nakan tsaya in duba cewa gashin duka yana kallon waje daidai da juna, ya ɗan zarce kaɗan ma, domin fata tana komawa baya yayin warkewa. Bayan haka sai a shafa maganin tetirasaikilin, a rufe ido, a ba da azitiromaisin a sha.

Washegarin aikin aka buɗe wa dattijuwar bandeji, bayan mako guda zuwa biyu aka cire zare. Ziyarar da aka fi watsi da ita ita ce ta bayan wata 3 zuwa 6, kuma a nan ne ake sanin ko aiki ya yi. Mutum ya ji sauƙi, damina ta sauka, hanya ta lalace, ba ya ganin dalilin dawowa. Ita wannan baiwar Allah mu muka bi ta gida. Idon hagu ya zauna daram, amma a cikin fatar dama mun tarar da ɗan jan tsiron nama da ke fitowa wani lokaci a wurin tsaga, yana sa ta jin kamar tsakuwa a ido. Cire shi abu ne mai sauƙi da ɗigon maganin kashe zafi, sai dai da ba mu je ba, da ta ɗauka ciwon ne ya dawo ta koma ga matsefata. Wasu kuma gashin yana sake juyawa da gaske, musamman waɗanda tabonsu ya yi tsanani, kuma irin waɗannan ba na sake yanka su a ƙauye, nakan tura su wurin wanda ya fi ni ƙwarewa. Wanda ya ƙi tiyata sam, ko wanda gashi ɗaya ko biyu ne kawai a gefe, mukan ba shi matsefata mai kyau, mu koya wa wani mai lafiyar ido a gidan yadda zai kama gashin daga tushe ya zare shi ba tare da ya karye ba.

A wannan ziyarar ce na juya fatar idon jikokinta, na ga fararen ƙuraje ƙanana a cikin ta biyu daga cikinsu. Wannan ita ce alamar da ake auna gari da ita. Ana duba yara 'yan shekara 1 zuwa 9, kuma yaron da ke da irin waɗannan ƙuraje biyar ko fiye a cikin fatar sama ana lissafa shi cikin masu ɗauke da cutar. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, idan suka kai kashi 10 cikin 100 a ƙaramar hukuma, ana raba azitiromaisin ga kowa da kowa sau ɗaya a shekara har shekara uku kafin a sake aunawa, idan kuma suka kai kashi 30 sai a yi shekara biyar. Ana auna tsayin yaro da sanda mai alamomi don sanin adadin da zai sha, babba kuwa giram 1 yake sha. Jariran da ba su kai wata 6 ba ana ba su tetirasaikilin na shafawa a ido, safe da yamma har mako shida. Tambayar da magidanta suka fi yi mini ita ce me ya sa mai lafiya zai sha magani. Amsar ita ce da yawa suna ɗauke da ƙwayar ba tare da idonsu ya nuna ba, kuma idan rabon bai kai aƙalla mutum 80 cikin 100 ba, waɗanda aka tsallake su ne za su mayar wa sauran da ita. Na ga yadda rabon da aka yi ranar kasuwa, ko wanda bai kai rugagen Fulani da tsangayun almajirai ba, yake cika takarda ya bar cutar a gari.

Magani yana kashe ƙwayar da ke ido a ranar, amma ba ya hana sabuwa shigowa, kuma nan ne wanke fuska da masai suke shiga. Na daina cewa iyaye mata su riƙa tsafta, domin maganar ba ta gaya musu abin da za su yi, tana kuma ɓata musu rai. Abin da nake nunawa shi ne yadda buta ɗaya za ta wanke fuskar yara da dama idan ana zuba ruwan a hannu, maimakon kowa ya tsoma a kwano guda, da kuma cewa kada a goge musu da zani ɗaya. Manya suna wanke fuska sau biyar a rana wajen alwala, yaran da ba su fara salla ba su ne ake bari da kwantsa da majina, kuma su ne matattarar cutar, don haka nakan roƙi uwa ta haɗa da ƙaramin ɗanta duk lokacin da ta ɗauki buta. Inda mace ke tafiya mai nisa kafin ta samo ruwa da rani, ko wannan ma yana da wuya, kuma ba na jin adalci ne a ɗora mata laifi kafin a haƙa rijiya.

Ƙudan da ke damun idon yara ya fi son yin ƙwai a kan kashin mutum da aka bari a fili, ba ya hayayyafa a cikin ramin masai. A gidan dattijuwar nan akwai masai, amma manya kaɗai ke shiga, yara suna tsugunawa a bayan danga saboda ana tsoron kada su faɗa rami, ana kuma ganin kashin yaro ba ƙazanta ba ne sosai. Mun zauna da ɗanta, mai gidan, ya rage faɗin bakin ramin ya yi masa murfi, matarsa kuma ta ɗauki nauyin kwashe na yara da fo tana zubawa a ciki. Ghana ta samu shaidar kawar da wannan cuta a 2018, Mali da Benin kuma a 2023, kuma sharaɗin shi ne ƙurajen nan su sauka ƙasa da kashi 5 cikin 100 a yara, sannan masu juyayyen gashi da hukumar lafiya ba ta san da su ba su gaza 2 cikin 1,000 na 'yan shekara 15 zuwa sama. Ko bayan an kai wannan matsayi, waɗanda suka tara tabo tun suna yara za su ci gaba da zuwa da juyayyen gashi shekaru masu yawa, don haka dole kowace ƙaramar hukuma ta riƙe ma'aikacin da hannunsa bai manta aikin ba, da kayan tiyata a shirye.