Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Sharar Fagen Kokawar Agadas

A makon jiya na tsaya a inda mai gidana a gidan rediyo ya damƙa mini aikin rubuta sharar fagen kokawa, wato bayanin da ake karantawa kafin a shiga fili domin a ɗumama zukatan masu sauraro. Ban daɗe da farawa ba na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa, domin na ce wani ɗan kokawar jaharmu bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba, alhali kirarin makaɗansa kawai na ji na ɗauka. Washegari wani dattijo, tsohon ɗan kokawa, ya same ni a bakin ƙofa, ya riƙe hannuna ya ce: "Ɗana, a gabana aka kayar da yaron nan sau biyu. Kirari na makaɗi ne, kai kuwa labari aka ba ka amana."

Da wannan magana a raina na zauna rubuta sharar fagen gasar kokawar ƙasar Nijar ta neman takobi karo na 44, wadda aka yi a Agadas a watan Disamba na 2023. Na ajiye zuga gefe, na fara da abin da ba wanda zai musa: jahohi 8, kowace da 'yan kokawa 10, a gasar da aka soma tun 1975 a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Sai na bayyana ƙa'idar da ke hana mutane barci, wato duk wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi ko da zai ci gaba da yi wa jaharsa kokawa, shi ya sa kullum da dare ake ƙirga waɗanda ba su faɗi ba tukuna.

A kan Isaka Isaka na Doso na fi daɗewa, domin a nan hannuna ya yi ta ƙaiƙayin ƙari. Na rubuta cewa ba mai iya kayar da shi, na dubi layin, na tuna dattijon, na soke. A maimakonsa na ce yana da takubba 5, biyu na ƙarshe a jere a Yamai da Difa, kuma akwai maza 79 da kowannensu kaye ɗaya tak yake buƙata ya raba shi da na shida. A ganina wannan ya fi tayar da tsikar jiki, tunda bai rufe wa kowa ƙofa ba.

Isaka ya ɗauki takobin a ranar ƙarshe ta shekarar, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda tafiyarmu ta komawa gida daga Agadas ta kasance.