Bashin da kake bi ba kuɗin aljihu ba ne

Ƙannena masu fara sayar da kaya da sari, ina so in ba ku labarin watan da na kusa rasa amanar dilana, alhali littafina yana nuna ina da rara.

Lokacin ina da shagon shinkafa da mai da sukari kusa da Kasuwar Dole ta Damagaram. A akwati akwai jaka 300 na sefa. Mutane huɗu ina bin su jaka 1,200. Ni kuma ana bi na jaka 900: dilan shinkafa na Maraɗi jaka 500 a sati na biyu, mai mai jaka 400 a sati na uku. Na haɗa, na cire, na ga rarar jaka 600. Sai na ɗauki jaka 200 na ƙaro sukari, don an ce zai yi tsada.

Kuskuren shi ne na yi lissafin jimla, ban yi lissafin rana ba. Dila yana da ranarsa, kuma ba ya ɗaga ta. Mai cin bashi kuwa yana da rana biyu: wadda ya faɗa da bakinsa, da wadda ya saba biya. Ta biyun ce ake rubutawa, kuma tsohon littafinka ne zai gaya maka ita.

Da na duba nawa da idon basira, da na gani. Hajiya mai abinci tana da jaka 150, amma hamsin-hamsin take kawowa kowane sati. Wani ɗan ƙauye mai zuwa cin kasuwar Alhamis yana da jaka 300, shi kuma rabi yake biya bayan sati biyu, rabi bayan wasu biyun. Mai shago a Zongo ya ce zai kawo jaka 250 a sati na uku, amma bai taɓa biya ba sai ya ƙara sati. Babban kuwa, jaka 500, faktir ce ta wata ma'aikata da aka ce kwana 30. Ban sani ba a lokacin cewa kwanakin nan daga ranar da takarda ta samu sa hannu a wurin akanta ake fara ƙirga su, ba daga ranar da na sauke kaya ba. Kuɗin nan sai bayan wata biyu suka fito.

Ga yadda ya kamata in jera shi, sati-sati. Cinikin hannu, bayan an cire dako da haya da wuta, yana bar mini kamar jaka 60 a sati. Sati na farko, 300 da 60 da hamsin ɗin Hajiya, akwati ya kai 410. Sati na biyu a ƙara 60 da 50 da 150 na ɗan ƙauye, a biya Maraɗi 500, saura 170. Sati na uku 110 kawai ke shigowa, ya zama 280, ga mai mai yana jiran 400. Ramin jaka 120 ke nan, tun kafin in taɓa sukari. A sati na huɗu ne kuɗin Zongo da sauran na ɗan ƙauye suke cike shi.

Da na ƙaro sukarin nan, ramin ya buɗe tun sati na biyu, a na uku ya kai jaka 320. Na karyar da buhunan shinkafa ƙasa da yadda na saro su, duk da haka na makara da kwana tara. Mai mai bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Alhaji, daga yau kuɗi hannu." Na yi wata shida kafin ya sake ba ni jarka ɗaya bashi, kuma wannan ya fi asarar shinkafar yi mini ciwo.

Yanzu kowace Juma'a da yamma nakan ja layi huɗu a takarda, kowane layi sati ɗaya, in nemo satin da akwati ya fi yin ƙasa. Shi ne ke gaya mini ko zan iya ƙaro kaya. In na hango rami, tun da sauran sati biyu nake kiran dila in ce zan ba da 250 a ranarsa, ragowar bayan kwana bakwai. Wanda aka sanar da wuri yakan yarda; wanda ya turo yaro ya koma hannu wofi ba ya mantawa.

Bashin da ya wuce kwana 60 ba na sa shi cikin takardar ko kaɗan, ko da mai shi yana rantsuwa. Haka ma na mutumin da ya zo ɗaukar sabon kaya bai biya tsohon ba. Na mutanen ƙauye da damina kuwa, can bayan kaka nake rubuta shi. In kuma dilanka na Kano ne, bashin da naira yake, to ka bar ɗan sarari a lissafin sefarka, domin canjin ranar biya ba lallai ya zama na ranar da ka ɗauko kaya ba.