Abin da na koya ranar da kotso ya cinye mana waƙa

Mu uku ne muke wasanmu, ni da jita, abokina mai waƙa, sai wani dattijo da ke kaɗa mana kotso, wanda shi tun yana yaro yake bin mawaƙa. Wata biyu muna gwaji cikin ɗaki a Mabera kuma wallahi a ɗaki komai zam yake, sai ranar da munka fita waje karon farko, walimar wani abokinmu a ƙofar gidansu bayan la'asar, babu lasifika babu makirfo, mu dai da kayanmu. Munka yi waƙa uku ana ta tafi, da munka gama sai wata tsohuwa da ke zaune bakin zaure ta yafuto mai waƙarmu ta ce, "Ɗana, kiɗi kam mun jiya, amma mi kac ce cikin waƙar?" Waƙar da munka ɓata wata biyu muna gyaran baitocinta, ko kalma guda ba ta kai kunnenta ba, kuma tsakaninmu da ita bai wuce taku goma ba.

Abin ya tsaya min a rai sosai, sai daga baya na gane ɗakin ne ya ruɗe mu. A ɗaki bango huɗu da rufi suna maido maka sautinka, murya ta yi kauri, jita ta cika wuri. A fili babu mai maido maka komai, duk sanda tazara ta ninka sauti yana raguwa da wajen desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, wato daga mita 1 zuwa mita 8 ka yi asarar wajen 18. To kotso da jita da murya duk tare suke raguwa, amma ƙarar titi ba ta raguwa, janaretan mai shago da 'yan kabu-kabu da surutun yara suna nan yadda suke a kunnen mai saurare. Don haka mai raunin cikinku shi ke fara nutsewa. Jita ce farko, tsirkiyoyin ƙasa masu kauri su ɓace sai ƙaras-ƙaras ɗin kaɗawa kawai ake ji, sai kalmomin mai waƙa su bi, a ji yana rerawa amma ba a tantance abin da yake faɗi, shi kuwa kotso ko a jikinsa, har bayan layi ana jin shi.

Da akwai na'ura da sai a murɗa wa murya ƙarfi a wuce wurin. Tunda babu, muryar mai waƙa ita ce ma'auni, iya inda ta kai nan za mu tsaya, mu biyun ne za mu rage. Faɗin wannan ga dattijon da ya haife ka ba ƙaramin aiki ba ne, na yi ta kwana-kwana kafin na ce, "Baba, don Allah ko za a ɗan sassauta hannu in yana cikin baiti?" Sai ya yi dariya ya ce ai shi tun ranar ya gani, mu ne ba mu bar masa gurbi ba, waƙar tamu babu inda take numfashi, daga baiti sai baiti, to ina zai sa hannunsa in ba kan maganar ba.

Nan ne ainihin gyaran ya fito. Munka ɗauki waƙar da ta fi ba mu wahala, kowane layi bugu takwas ne kuma da kalmomi sun cike takwas ɗin duka. Munka rage kalmomi har layi ya ƙare a bugu na shida, biyun ƙarshe na Baba ne, nan yake sakin tafin hannu yadda yake so. Cikin shidan farko kuwa da kan yatsu kawai yake taɓa bakin fatar, ya riƙe mana lokaci. Abin da ya ba ni mamaki mutane sun fi jin daɗin kiɗin a haka, don yanzu kamar amsa yake ba mai waƙa, kuma in an zo amshi da mu uku muke ɗaga murya tare sai ya buɗe gaba ɗaya.

Ni ma nawa laifin ba kaɗan ba ne, ina sharar tsirkiya shida duka da ƙarfi wai don a ji ni, alhali muryar namiji da tsakiyar jita wuri guda suke zama, ina rufe shi kuma ni ɗin ma ba a ji na. Yanzu in yana baiti nakan ɗora gefen tafin hannuna kan tsirkiyoyi kusa da gadar jita, sautin ya zama gajere ya mutu da wuri, in ya yi shiru kuma sai na koma tsirkiyoyi uku na sama masu siriri na ɗan yi magana da su, su ne ke ratsa hayaniya. Kuma jita mai tsirkiyar ƙarfe nake ɗauka, mai ta roba tana da daɗi a ɗaki amma a waje ba ta zuwa ko'ina.

Sai maganar tsayin murya. A matakin sauti na G muke yin waƙar, a ɗaki yana yin ta ƙasa-ƙasa da sanyi, amma muryar ƙasa ba ta da ƙarfin tafiya, in ya matsa sai maƙogwaro ya kama shi. Na sa kafo, wato abin da ake maƙalawa a wuyan jita ya danne tsirkiyoyi duka, a gaɓa ta uku, yatsuna ba su canza riƙo ba amma waƙar ta hau B♭, nan take muryarsa ta fito fili ba tare da ihu ba. Mun gwada gaɓa ta biyar, baiti ya yi kyau amma ƙololuwar amshi ta fi ƙarfinsa, muryar tana tsagewa, sai munka dawo ta uku.

Yadda muke aunawa kafin kowane wasa yanzu, ƙanena da bai san baitocin ba shi muke sawa ya tsaya taku huɗu, sannan takwas, sannan sha shida, mu yi layi guda ya maimaita mana abin da ya ji. Dole wanda bai haddace ba ne, don wanda ya san waƙa kunnensa na cike masa abin da bai ji ba. In ya kawo layin daidai a taku takwas to mun shirya, a sha shida kam kiɗi da rerawa kawai ke zuwa kuma mun haƙura da wannan, sai dai mu ce wa mutane su matso.

Wurin tsayuwa ma muna zaɓa, mu jingina bayanmu kusa da katanga kamar taku ɗaya don ta tura sautin gaba, mai waƙa a tsakiya ya ɗan fito yana fuskantar mutane, ni a gefensa cikin jitar na kallon jama'a, Baba kuma ya ɗan koma baya a ɗaya gefen inda yake ganin bakin mai waƙa. In iska na kaɗawa muna so ta fito ta bayanmu. Da hunturu kuma fatar kotso na tsukewa sautinta ya hau ya ƙara kaifi, jita ta riƙa sauka daga saiti, don haka nakan fito da ita inuwa minti ashirin kafin mu fara ta saba da iskar wurin, kuma bayan kowace waƙa biyu sai na sake ɗaurin tsirkiya.

Ba ma wuce minti ashirin da biyar ba hutu, muryar da ba makirfo ba ta jure fiye da haka, alamar ita ce ya fara cinye ƙarshen kalmomi yana ɗaga haɓa sama. Da na ga haka nakan yi wa Baba ido ya ja kiɗi shi kaɗai, mai waƙa ya sha ruwa, mu ƙarasa sauran kafin a kira magariba.