Kwamin kuɓewata, kwana na 52: abin da hotuna suka nuna mini

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Tun ranar shuka nake ɗaukar hoton kwamin duk bayan kwana uku, da safe, domin hoton tsakar rana yaudara ne: ganye ya yi laushi, sai ka ɗauka shukar ba ta da lafiya.

Hotunan farko ba su amfane ni da komai ba. Yau in matso da waya, gobe in ja baya, tsiro ya yi ƙato a wannan hoton ya ƙanƙance a wancan. Sai da na kafa rula a gefen kwami, na kuma riƙa tsayawa a wuri ɗaya, sannan hoto ya fara faɗin gaskiya. Biyu nake ɗauka: na sama don ƙirga ganye, na gefe, a tsugune, don tsawo.

A kwana na 13 na kusa yin ɓarna. Na ƙirga ganye huɗu a hoto, har na yi niyyar rage tsiron. Da na buɗe hoton sosai, ashe biyu na ƙasa ganyen tsira ne, masu zagaye da santsin baki, waɗanda ke fitowa daga cikin iri. Ba a sa su a lissafi. Ganyen gaske bakinsa tsage-tsage ne, kuma biyu kacal gare su, ƙanana. Na dakata zuwa kwana na 19, lokacin da suka yi ganyen gaske uku zuwa huɗu, rula ta nuna santimita 10. Nan na bar ɗaya mai kaurin kara a kowane rami, da tazarar santimita 30. Almakashi na sa na yanke sauran daga gindi. Tumɓukewa kan taɓa saiwar wanda aka bari.

Wani layi ya so ya ruɗe ni. Ya fi kowane tsawo, amma karan siriri, ganye biyu tal. Cunkoso ne ya sa suke miƙewa neman rana. Tsawo shi kaɗai ba ya nuna girman shuka, shi ya sa na fi yarda da ƙirgen ganye.

Furen kuɓewa yini ɗaya yake buɗewa, rawaya mai ja a tsakiya, ɗan kuma yakan isa tsinka kwana huɗu zuwa shida bayan haka. Na farkon da na gani ya bayyana a hoton kwana na 46, yau na tsinke ɗansa, santimita 8, na karya bakin ya ce ƙas. Sai dai na gano wani a ƙarƙashin ganye da ya kai santimita 15, ya yi tauri. Furensa ya buɗe ya faɗi tsakanin hoto da hoto, ban gan shi ba. Daga gobe kullum zan ɗauka, daga gefe, ina ɗaga ganyen da hannu.