Kwabo biyun da suka tsare mana kuɗi

Watana na uku ina riƙe wa Alhaji lissafi a shagonsa na kayan lantarki a Sabon Garin Zariya, wani kamfani da muke kai wa kaya ya dawo mana da takardar kuɗi. Akantansu ya ce harajin VAT ɗinmu ya haura nasa da kwabo biyu, kuma kwamfutarsu ba ta sakin kuɗi sai lissafi ya zo ɗaya. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, yaushe rabonka da ganin kwabo da idonka?" Amma dai kuɗin sai da suka kwana bakwai ba su fito ba.

Layi huɗu ne a takardar: waya ta naira 1,333, soket na 2,467, filogi na 815, da kwan fitila na 4,201. Harajin kashi 7.5 cikin ɗari ne, kamar yadda yake a Nijeriya tun watan Fabrairun 2020. Ni na fitar wa kowane layi harajinsa daban. Na farko ya ba da 99.975, to babu rabin kwabo a duniya, sai na cike shi ya zama 99.98. Haka sauran suka zama 185.03 da 61.13 da 315.08, jimla naira 661.22. Shi kuwa akantan sai ya fara haɗa kuɗin kayan, 8,816, sannan ya fitar da harajin sau ɗaya, ya samu 661.20 cif. Babu wanda ya yi kuskure a cikinmu. Ni na cike rabin kwabo sau huɗu, shi bai cike ko sau ɗaya ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da na koma kan tsofaffin takardu, kullum nawa ne a sama. Da na ɗauka wani layin zai hau, wani ya sauka, su cinye juna. Ashe 7.5 na da wata ɗabi'a. Duk kuɗin da yake cikakkiyar naira kuma bai rabuwa biyu daidai, kamar 815, harajinsa kan faɗa daidai kan rabin kwabo, rabi kuwa sama ake cike shi. Wanda yake rabuwa biyu, kamar 816, harajinsa na fita ba ɓurɓushi. Ke nan babu layin da zai sauka, sai dai mai hawa. Takarda mai layi 40 da rabinsu irin na farko ne za ta haura da kwabo 10.

Daga nan na samu ma'aunin da nake aiki da shi har yau. Cikewa ba ta iya jawo bambancin da ya wuce kusan rabin kwabo a kowane layi. In takarda mai layi goma ta saɓa da kwabo uku, cikewa ce. In ta saɓa da naira biyu, a nemi matsalar a wani wuri: ko an yi rangwame bayan an fitar da haraji, ko an ɗora haraji kan kayan da doka ta keɓe.

A Excel hanyoyin biyu ga su, ta farko layi-layi, ta biyu kan jimla, in kuɗin kayan na cikin gurbin D2 zuwa D5:

```
=ROUND(D2*0.075,2)
=ROUND(SUM(D2:D5)*0.075,2)
```

Wanda ya fi kowanne muni shi ne rashin sa ROUND, wato umarnin cikewa, sam. Sai ka ga allo na nuna 99.98 alhali a ciki 99.975 ne, jimla ta fito 661.20, mai saye ya danna kalkuleta kan abin da ke rubuce ya samu 661.22, ya fara yi maka kallon maha'inci.

Ni na zaɓi fitar da haraji kan jimla, domin sau ɗaya ake cikewa, kuma shi ya fi kusa da ainihin kashi 7.5 na cinikin. Na ma cire gurbin haraji daga layukan, na bar shi a ƙasa kaɗai, bayan na ware kayan da ba a ɗora wa haraji. Sai dai hanyar layi-layi na da ranarta, wato inda ake yawan dawo da kaya. Da za a dawo da filogin nan, mai layi-layi zai cire 61.13 daga 661.22, saura 600.09, daidai da abin da sauran layuka uku ke nunawa. Mai jimla in ya cire 61.13 zai ga 600.07, alhali harajin 8,001 da suka rage 600.08 ne, kwabo ɗaya ya maƙale.

Yanzu kafin mu kai wa sabon kamfani kaya, nakan kira akantansu in ce, "Malam, a layi kuke cikewa ko a jimla?" Abin da ya faɗa shi nake bi a takardunsu.