Abin da na gani da na kunna wa akawun ɗina makulli na biyu

Kawuna yana da shagon atamfa a Kasuwar Barci, kuma kusan rabin cinikinsa ta WhatsApp yake yi. Wata ranar Asabar bayan la'asar wani ya kira shi da Hausa tsaf, ya yi sallama, ya ambaci sunansa da sunan guruf ɗin 'yan kasuwar da yake ciki, ya ce za a yi mitin ta intanet da daddare, an turo wa kowa lamba shida ta tes, karanto min taka in saka ka a layi. Kawu ya duba, ga tes kuwa ya shigo, ya karanta masa. Kafin magariba WhatsApp ɗinsa ya fita daga wayarsa, ana ta tura wa 'yan guruf saƙo da sunansa wai a ranta masa dubu hamsin zuwa safiya, da lambar akawun ɗin wani daban. Dalilin da ya sa na zauna na bi duk akawun ɗina da na 'yan gida ɗaya bayan ɗaya ke nan, kuma abin da na fahimta a wajen yin shi nake so in faɗa, don na ga mutane da yawa sun ɗauka da ka kunna tantancewa mai mataki biyu shi ke nan ka fi ƙarfin ɓarawo, alhali wani harin yana tarewa, wani kuma ba ya tarewa ko kaɗan.

Shi dai tantancewa mai mataki biyu, wanda za ka gani an rubuta 2FA ko Two-step verification a waya, ma'anarsa kafin a bar ka ka shiga sai ka kawo shaida biyu waɗanda ba iri ɗaya ba, ɗaya abin da ka sani a kanka kamar fasuwod ko fin, ɗaya kuma abin da ke hannunka kamar wayarka ko layinka, ko wani abu na jikinka kamar zanen yatsa. Mun daɗe muna yi ba mu sani ba, duk wanda ya taɓa cire kuɗi a POS ya san kati kaɗai ba ya fitar da kuɗi, fin kaɗai ma haka, sai an haɗa.

To me ya faru da Kawu? WhatsApp ba shi da fasuwod, shaidarsa guda ce tal, lambar nan shida da ake turowa layinka. Ɓarawon ya ɗauki lambar wayar Kawu daga guruf, ya saka ta a WhatsApp ɗin wayarsa, sai aka tura wa Kawu lambar rajista, ya kira ya karɓe ta da baki. Da ya shiga kuma abu na farko da ya yi shi ne ya kunna Two-step verification da nasa fin ɗin. Mun sake neman lamba ta tes muka saka, wannan ya fitar da ɓarawon, amma mu ma aka ce mu kawo fin ɗin da ba mu sani ba, dole Kawu ya jira kwana 7 kamar yadda ƙa'idarsu take, kwastomomi na ta kira suna cewa Alhaji lafiya kuwa. Da a ce shi ya riga kunnawa, ɓarawon zai saka lambar tes ɗin sai a tambaye shi fin, a nan zai tsaya. Iyakaci dai Kawu ya sake rajista da sabuwar lambar tes da fin ɗinsa ya ci gaba da harkarsa.

Kunnawar ba ta cin minti uku. Ka shiga Settings, sai Account, sai Two-step verification, ka zaɓi lamba shida ka maimaita, sai ya nemi imel. Kar ka tsallake imel ɗin, ta nan ne za ka sauya fin in ka manta, amma fa imel ɗin ma sai ka kulle shi, in ba haka ba wanda ya shiga shi zai iya sauya fin ɗin. Da na zo yi wa Kawu ya ce in sa masa shekarar haihuwarsa da sifili biyu, na ce Kawu ku yi haƙuri, wannan ai duk wanda ya ga katinku na ɗan ƙasa ya san ta, ku zaɓi wata ku rubuta a littafin bashi na gida.

Inda abin nan ya fi aiki sosai shi ne duk harin da ɓarawo fasuwod kaɗai ya samu. Kuma fasuwod na fita ta hanyoyin da ba laifinka ba ne. A 2013 an sace bayanan akawun ɗin Yahoo, daga baya kamfanin ya ce duka biliyan 3 abin ya shafa. LinkedIn ma an sace nasu a 2012, a 2016 aka ga sama da miliyan 100 ana tallarsu. Irin waɗannan jerin imel da fasuwod ɓarayi ke lodawa a manhaja ta yi ta gwada su a Facebook da Gmail da Instagram ba dare ba rana, saboda sun san yawancinmu fasuwod ɗaya muke sakawa ko'ina. In ka shiga haveibeenpwned.com ka saka imel ɗinka zai nuna maka ko yana cikin bayanan da suka fita. Haka wanda ya canki fasuwod ɗinka don lambar wayarka ce ko sunan ɗanka, da wanda ya leƙa kana dannawa a cikin Keke Napep, da yaron shagon da ya buɗe maka Gmail tun ranar da ka sayi wayar kuma har yau bai manta ba. Duk waɗannan za su saka fasuwod daidai, sai a ce kawo lamba ta biyu, wayar kuma tana aljihunka. Alamar da za ka gane kuwa mai sauƙi ce, in ka ga lambar shiga Gmail ko Facebook ta shigo ba kai ka nema ba, ka ɗauka wani na taɓa akawun ɗin, maza ka sauya fasuwod a ranar.

Sai dai lambar tes tana da rauni babba, tana bin layi ne duk inda ya je. In an ƙwace maka waya, kuma mun san yadda ƙwacen waya yake a gari, ba sai sun buɗe wayar ba, cire sim ɗin kawai za su yi su saka a ƙaramar waya, duk tes ɗinka ya koma hannunsu, har da na banki. Ko kuma wani ya je ya yi welkom bak ɗin layinka da bayanan ƙarya, kai dai ka ga netwok ya ɗauke gaba ɗaya alhali na kusa da kai mai irin layinka yana da shi. Haka aka yi wa Jack Dorsey a 2019 lokacin yana shugaban Twitter, ta layinsa aka bi aka yi ta rubutu da sunansa. Akwai kuma tsohon layin da ka yar, in ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na sake sayar wa wani, Facebook ɗinka kuma na nan ɗaure da shi. Saboda haka na sa wa sim ɗina fin, in an cire shi an saka a wata waya ba zai kama ba sai da fin ɗin. A kula dai, kuskure uku zai kulle ya nemi PUK, to ka nemo katin da sim ɗin ya zo a jiki tukuna.

Gmail da Facebook da Instagram kuwa na ɗauke su daga tes na mayar manhajar Google Authenticator. Za su nuna maka hoton QR ka ɗauka da manhajar, daga nan wani sirri ya zauna a wayarka, ita kuma tana haɗa shi da lokaci tana fitar da lamba shida sabuwa duk daƙiƙa 30. Ba ta buƙatar data ko netwok, ko kana tsakiyar hanyar Birnin Gwari za ta ba ka, kuma wanda ya sace layinka bai samu komai ba. Abin da ya ba ni wahala a wayar ƙanwata shi ne lambar ta yi ta ƙin shiga, ashe agogon wayar ne ya yi gaba da minti biyu don da hannu ta saita shi, muna mayar da shi na kai tsaye ya shiga.

Amma ita ma manhajar ba ta tare wanda ya yaudare ka ka miƙa masa da kanka. Za a turo linki wai tallafin gwamnati ko wai za a rufe shafinka, ka buɗe ka ga Facebook sak, ka saka fasuwod, ya ce saka lamba, ka saka, shi kuwa a wannan daƙiƙar yana kwafewa yana sakawa a Facebook na gaskiya kafin 30 ɗin ta cika. Fin ɗin WhatsApp ma in mai kira ya ce karanto ka karanta, an gama. Irin wanda waya ke tambaya kai ne kake son shiga ka danna Yes shi ma ana cin mutane da shi, a 2022 an shiga cikin kamfanin Uber bayan an yi ta turo wa wani mai yi musu aiki tambayar har ya amince. Wanda na sani yana tare shafin bogi shi ne passkey, wato wani makullin sirri da ke zaune a wayarka wanda kake buɗewa da yatsa ko makullin wayar, don shi a ɗaure yake da ainihin adireshin shafin, in adireshin ya bambanta ko da harafi ɗaya ne ba zai yi aiki ba, kuma ba wata lamba da za ka karanta wa wani. Na kunna shi a Gmail da WhatsApp, da yatsa nake shiga.

Sannan duk wannan tsaro a bakin shiga yake, wanda ya riga ya shiga ba a sake tambayarsa. In ka ba wa wani wayarka a buɗe na minti ɗaya zai iya haɗa WhatsApp ɗinka da kwamfutarsa ba tare da fin ba, shi ya sa nake leƙa Linked devices lokaci-lokaci, in na ga na'urar da ban sani ba in fitar da ita. Manhajojin da ake turawa ta Xender, irin su GBWhatsApp da sauran na bogi, ba na barin su a wayar kowa a gidanmu, don manhajar da ka ba izinin karanta tes ko ganin fuskar wayarka za ta iya ganin lambar tare da kai.

Abu na ƙarshe da na yi, wanda mutane suka fi tsallakewa, shi ne tanadin ranar da wayar za ta ɓata, domin makullin da ya hana ɓarawo kai ma zai hana ka. A Gmail akwai Backup codes, wato lambobin ko-ta-kwana da za ka shiga da su in babu wayar, guda 10 suke bayarwa masu lamba takwas-takwas, kowacce sau ɗaya take aiki, Facebook da Instagram ma suna da nasu. Na rubuta su da biro na ajiye tare da takardun makarantata, ban ɗauke su hoto na bari a wayar ba tunda ita ce za a sace. In kuma za ka sauya waya, kafin ka goge tsohuwar ka kai ta Kasuwar Sheikh Gumi a yi musaya, ka buɗe Google Authenticator ka yi Transfer accounts zuwa sabuwar, ka gwada shiga kowane akawun ka ga ya karɓa, sannan ka goge.